Sulusi, Naskhi ko Diwani: Wanne Ya Dace da Katin Gayyata?

*Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina shirya katin gayyatar ɗaurin aure da Larabci, girmansa rabin takardar A4. An nuna mini naskhi da sulusi da diwani, amma diwani ya fi kwanta mini a rai. In rubuta katin gaba ɗaya da shi, har da take da sunaye da kwanan wata, ko akwai abin da ban hango ba?*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka rubuta shi duka da diwani. Ba wai don ba shi da kyau ba, idonka bai yi maka ƙarya ba. Abin shi ne, layukan da ke kan kati ba aiki ɗaya suke yi ba. Akwai layin da ake kallo kawai, domin mai karɓar katin ya riga ya haddace shi, kamar bisimilla. Akwai wanda ake ganewa da zarar ido ya sauka a kai, kamar sunan ango da amarya. Sannan akwai wanda dole a karanta shi harafi bayan harafi, domin mutum zai tashi ya yi aiki da shi, wato rana da lokaci da wuri. Kowanne daga cikin rubutun nan uku an raine shi ne don aiki irin ɗaya daga waɗannan, kuma har yau halinsa bai sake shi ba.

Bari in fara da ma'auni, don sai da shi sauran maganar za ta zauna. Tun zamanin Ibnu Muƙla, wazirin Abbasiyawa a Bagadaza da ya rasu a 940, marubuta suke auna harafi da ɗigon alƙalamin da ya rubuta shi. Kana ɗora bakin alƙalamin kara a takarda ka ɗan ja, sai ɗigo mai kusurwa huɗu ya fito a karkace. Wannan ɗigon shi ne mudun awo. Alif na naskhi tsayinsa ɗigo 5 ne ko kusa da haka, na sulusi kuwa ɗigo 7, wasu malaman ma sukan ƙara. Amfanin sanin wannan a gare ka shi ne, da zarar ka zaɓi faɗin bakin alƙalami, ka riga ka zaɓi girman rubutun gaba ɗaya. Ba a matse harafi don ya shiga wuri, ba a kuma ja shi don ya cika wuri. Alƙalami ake sakewa.

Naskhi sunansa ya faɗi aikinsa, daga kwafar littafi ya samo shi. Alƙalaminsa siriri ne, bakinsa wajen milimita 1. Haruffansa suna zaune a layi ɗaya ba hawa ba gangara, kowane ɗigo yana daidai kan harafinsa ko ƙarƙashinsa, wasali kuma yana inda ya kamata. Shi ne rubutun da Shaihu Hamdullah, wanda ya rasu a 1520, da Hafiz Usman, wanda ya rasu a 1698, suka goge a Istanbul har ya zama abin koyi wajen rubuta Alƙur'ani, kuma da shi Usman Ɗaha ya rubuta mus'hafin Madina da ke hannun jama'a a yau. Naskhi ba ya neman a kalle shi, so yake a bi ta kansa a wuce zuwa ma'ana. Rauninsa ma daga nan ya fito. In ka kumbura shi ka yi take da shi, sai ya zama kamar mutum mai ƙaramar murya da aka miƙa wa lasifika: ana jin sa sarai, amma babu kwarjini. Don haka ba na ba shi babban take sai in taken dogo ne, kalma bakwai ko takwas, kamar na littafin karatu ko takardar bincike, inda saurin fahimta ya fi ado muhimmanci.

Sulusi kuwa, kalmar ita ce dai wadda ka sani, kashi ɗaya cikin uku. Wasu sun ce don alƙalaminsa sulusin wani babban alƙalami ne na dā mai suna ɗumar, wasu sun ce don sulusin kowane harafi ne a miƙe, sauran a lanƙwashe. Ko wanne ne, abin da ido ke gani ɗaya ne: dogayen alif da lam masu ɗan ƙugiya a kai, manyan kwanukan nun da sin masu faɗi, da idanun waw da fa da ƙaf a buɗe, fari na leƙowa ta ciki. Shi ne a tutar Saudiyya, shi ne a ɗamarar rigar Ka'aba, shi ne a manyan faifan nan na masallacin Aya Sofiya na Istanbul da Mustafa Izzat Afandi ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 19, kowanne faɗinsa ya haura mita 7. Ka lura, duk waɗannan kalmomi ne kaɗan, sanannu, manya.

Abu biyu ne suke sa sulusi ya ci wuri. Na farko, ba ya tafiya tsirara. Bayan an gama haruffa, sai a ɗauki wani alƙalami siriri, kamar sulusin na farkon, a sa wasula, a kuma cike guraben da suka rage da ƙananan alamomi, wasu na ado zalla, wasu na nuna cewa harafin da ke kusa ba shi da ɗigo. Na biyu, yana yarda a ɗora kalma kan kalma, a saƙa su cikin da'ira ko siffar ƙwai, abin da marubuta ke kira tarkibi. Tarkibi yana da doka: ana karantawa daga dama zuwa hagu, daga ƙasa zuwa sama, kuma in akwai sunan Allah a ciki, a sama ake sa shi. Mai karatu yana warware wannan saƙar ne da abin da ya riga ya sani. Bisimilla ko an nannaɗe ta ninki uku zai gane ta. Amma sunan wani ɗakin taro da bai taɓa ji ba, in aka saƙa shi haka, sai ya tsaya yana juya katin.

Yanzu ga wanda ya sace maka zuciya. Diwani ɗan fada ne. A ofishin sarautar Usmaniyawa ta Turkiyya ya girma, a ƙarni na 15 da na 16, kuma da shi ake rubuta umarnin sarki da takardun naɗi. Akwai abin da ya kamata ka riƙe game da asalinsa: ba a yi shi don kowa ya karanta ba. Magatakardan fada ne suke rubuta shi, su ne kuma suka iya karanta shi da sauri. Ana matse kalmomi, layi yana tasowa sama idan ya kusa ƙarewa ta hagu, don kada a sami gurbin da wani zai cusa kalma a takardar sarki. Nau'insa mai kauri, diwani jali, har da ƙananan ɗige-ɗige ake cike duk wani fili da ya rage. Bayan Turkiyya ta koma haruffan boko a 1928, ƙasashen Larabawa ne suka ci gaba da raya shi, a Masar musamman ta hannun Mustafa Gazlan, wanda ya sassauta shi ya ba shi wannan lanƙwasa mai laushi da ake gani a takardun shaida da na yabo. Daga can ya gangaro kan katin gayyata. Shi ya sa idan ka gan shi sai ka ji kamar daga babban gida takardar ta fito. Muryar girmamawa gare shi, kuma wannan murya ta dace da gayyata ƙwarai.

Sai dai kyan nan da kuɗinsa, kuma mai karatu ne yake biya. A ƙa'idar Larabci akwai haruffan da ba sa haɗuwa da na gabansu: alif, dal, zal, ra, zai da waw. Diwani ba ya kula da wannan iyaka, sau da yawa yakan ja wutsiyar ɗayansu ta kama harafin gaba. Haƙoran sin da shin sukan baje su zama ja ɗaya. Ɗigo biyu sukan narke su zama ɗan gajeren layi, uku su zama 'yar ƙugiya. A ƙarshen kalma, ɗigon nun ko na ƙaf yakan ɓace a maye gurbinsa da karkata wutsiya. Diwani na yau da kullum kuma ba ya ɗaukar wasali. Wanda Larabci ya zauna masa zai cike duk wannan da kansa, bai ma san ya yi ba. Wanda ya saba da mus'hafi mai cikakken wasali kaɗai zai tsaya cak.

Mu ɗauki katinka mu zuba shi, ka ga yadda lissafin yake fita. Rabin A4 shi ne milimita 148 a faɗi, 210 a tsayi. Ka bar gefe na milimita 15 ta kowane ɓangare, sai ya rage maka faɗin milimita 118 na rubutu. A ce sunan ango Dawud, amarya Zainab. Na zaɓi sunayen nan da gangan.

Layin farko bisimilla, da sulusi. In aka rubuta ta da alƙalami mai bakin milimita 3, alif kaɗai zai haura santimita 2, kuma kalmomin huɗu a jere za su wuce faɗin katin nesa ba kusa ba. Mafita biyu ce. Ko dai a rubuta ta babba a takarda daban, a ɗauki hotonta a rage, ko a yi mata tarkibi ta dunƙule. Ni na fi son a bar ta a miƙe, da ɗan jan nan da ake yi tsakanin sin da mim, a rage ta zuwa faɗin santimita 8 ko 9. A nan ne tarkon yake. Idan aka rage rubutu zuwa rabi, komai nasa ya ragu zuwa rabi, har da wasulan da dama da siririn alƙalami aka yi su. Wasalin da yake milimita 1 ya koma rabin milimita a wurin da ya fi kauri, bakinsa kuwa ya zama kamar gashi. A bugun tawada baƙa kan farar takarda mai santsi zai tsira. A bugun ruwan zinariya da ake dannawa da zafi, ko a takarda mai kaushi, siraran layukan sukan yanke, ƙananan idanun haruffa kuma su cike su toshe. Don haka ka gaya wa marubucin tun farko girman da rubutun zai kasance a kati da irin bugun da za a yi. Wanda ya san aikinsa zai rage yawan alamomin ado, ya ƙara wa wasulan kauri.

Layi na biyu jimlar gayyata ce, wadda ke cewa iyalan wane da na wane suna farin cikin gayyatarku. Nan ne gidan diwani. Jimla ce da kowa ya san inda ta dosa, ko an rasa harafi ɗaya ba a rasa ma'ana ba, kuma ita ce muryar mai gida. Ka ba ta layi biyu, da wadataccen fili tsakaninsu, domin kawunan kaf da lam na diwani suna miƙewa sama, wutsiyoyinsa suna zurfafa ƙasa, in aka matse layukan sai su sarƙe da juna.

Sunaye su ne wurin da ake gardama, kuma a nan nake so ka daɗe. Dubi Dawud: dal, alif, waw, dal. Babu ɗaya a cikinsu da ke haɗuwa da na gabansa, wato a naskhi haruffa ne tsaye kowa da gurbinsa, ko yaro zai karanta. A diwani kuwa, dal doguwa ce mai lanƙwasa, tana ɗan kama da lam ga wanda bai saba ba, alif ma lanƙwasasshe ne mai ƙugiya, kuma marubuci na iya sarƙa su su zama igiya ɗaya. Kyakkyawa ce, amma sai an yi tunani kafin a ce Dawud. Zainab matsalarta daban. Bayan zai, haruffa ukun da suka rage, ya da nun da ba, ba abin da ya raba su sai ɗigo: biyu a ƙasa, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. In ɗigon nan suka narke ko suka gusa kaɗan daga mazauninsu, sunan ya zama kacici-kacici. Haka Sa'ad da Sa'id, ɗan haƙori ɗaya da ɗigo biyu ne tsakaninsu. Hasan da Husaini ma haka, ga shi kuma sin ɗin ya baje, haƙorin ya na iya ɓacewa a cikinsa.

Saboda haka ni da sulusi nake rubuta sunan ango da amarya, a miƙe, kowanne a gurbinsa, da cikakken wasali. Kalma ɗaya ko biyu ce, daidai abin da sulusi ya fi iyawa, kuma shi ne zai ba su girman da ya kamace su a tsakiyar kati. In ka nace sai diwani, to ka roƙi marubucin abu biyu: ya bar ɗigo a rarrabe, kada kuma ya haɗa haruffan da ba sa haɗuwa. Zai ɗan rage armashi, amma ba za a kira amarya da sunan wata ba. Wani abu kuma, in za a dunƙule sunayen biyu cikin tarkibi ɗaya don ado, a sake rubuta su a sarari a ƙasa. In kuma ɗaya daga cikin sunayen Abdullahi ne, ka duba kada sunan Allah ya faɗo ƙarƙashin wata kalma.

Rana da lokaci da wuri, naskhi, babu ja-in-ja. Alƙalamin milimita 1, alif wajen milimita 6, layi uku ko huɗu. Lambobi ma a rubuta su irin na bugu. A rubutun hannu mai sauri, irin wanda ke tafiya da diwani da ruƙ'a, wato rubutun Larabawa na yau da kullum, lambar 3 ta Larabci takan fito kamar 2 ta bugu, sai wanda aka gayyata ranar 23 ya karanta 22. Sifiri kuma ɗigo ne kawai, biyar ce da'ira. Ka sa ɗigon sifiri a tsakiyar ɗige-ɗigen diwani jali, ƙarfe 10 ta zama ƙarfe 1. Na taɓa ganin katin da aka yi wa haka, sai da masu bikin suka bi mutane ɗaya bayan ɗaya da waya suna gyara lokaci. Hanya mafi aminci ita ce a rubuta sunan ranar da kalmomi kusa da lambar, in ɗaya ta rikice ɗaya ta tsare.

Za ka ce to ai rubutu uku ke nan a kati ɗaya. Haka ne, kuma nan ne iyaka, ban yarda da na huɗu ba. In katin zai yi cunkoso, ka sauke ɗaya. Sulusi da naskhi tsofaffin abokan tafiya ne: marubutan Usmaniyawa tare suke koyon su, kuma a tsarin hilya da Hafiz Usman ya shimfiɗa, wato allon siffofin Annabi (SAW), manyan layuka da sunayen halifofi huɗu da babban alƙalami suke, bayanin da ke tsakiya kuma da naskhi. Alƙalamin naskhin kamar sulusin na babban ne, kuma wannan rabon na uku da ɗaya yana aiki a kati ma. Diwani da naskhi su ma suna zama lafiya, diwani a take, naskhi a bayani, katin ya fito da laushi. Haɗin da ba na so shi ne sulusi da diwani a girma ɗaya, kusa da juna. Sarakuna biyu ne a rumfa ɗaya, ido ya rasa wa zai fara gaisarwa.

Game da aya: mutane da yawa suna son sa aya ta 21 ta Suratur Rum a katin aure. In za a sa, da naskhi ko sulusi mai cikakken wasali za a rubuta ta, a kuma gwada ta da mus'hafi kalma bayan kalma kafin bugu. Diwani marar wasali bai dace da ita ba. Ka kuma tuna cewa kati ba littafi ba ne, bayan biki ba ka san inda zai faɗa ba, shi ya sa wasu suke wadatuwa da addu'ar sa albarka ga ma'aurata.

Duk abin da na faɗa ya fi sauƙi in marubucin hannu ne zai yi maka. In da kwamfuta za ka yi, ka sani naskhi ne kaɗai ya shiga na'ura ya fito da mutuncinsa kusan cikakke, domin dama a layi yake zaune. Amiri, wanda aka gina kan haruffan maɗaba'ar Bulak ta Alƙahira, da Noto Naskh Arabic da Scheherazade New duk za su riƙe maka bayanin kati da kyau. Sulusi da diwani kuwa rayuwarsu a zaɓi take: harafi ɗaya yana da siffofi da dama, marubuci yana duban maƙwabtansa kafin ya zaɓi wadda zai sa, ya ɗaga wannan kalma ya sauke waccan. Yawancin haruffan kwamfuta ba sa yin haka. Alamar da za ka gane ita ce, duk lam ɗin da ke layin iri ɗaya ne sak, wasula sun jeru a tsayi ɗaya ko sun hau kan harafi, kalmomin diwani kuma sun kwanta a miƙe maimakon kowacce ta gangaro daga dama zuwa hagu. Mafi muni shi ne a kama rubutun a ja shi ta gefe don ya cika faɗin kati. Da ka yi haka ɗigon ya daina zama ɗigon alƙalami, layukan tsaye sun yi kauri, na kwance sun zauna yadda suke, awon da aka gina rubutun a kai ya rushe. Hanyar da na fi ba mutane shawara ita ce a raba aikin: bisimilla da sunaye da jimlar gayyata a ba marubuci ya yi da hannu, kalmomi ne da ba su fi ashirin ba, sauran a buga da naskhin kwamfuta. Kafin a kai wa mai bugu, a mayar da rubutun ya zama zane, domin manhajar da ba ta san Larabci ba takan wargaza haruffa ta jera su daga hagu zuwa dama, kowanne shi kaɗai.

Kafin a buga da yawa, ka sa a fitar maka da guda ɗaya a ainihin girmansa, a kan ainihin takardar, ba a allon waya ba inda yatsa biyu ke ƙara wa komai girma. Ka miƙa wa mutum biyu da ba su san zancen bikin ba, ɗaya wanda Larabci ya zauna masa, ɗaya wanda iyakarsa karatun mus'hafi, zai fi kyau in dattijo ne mai tabarau. Kada ka ce musu komai. Ka tambaye su wa zai auri wa, yaushe, a ina. Duk layin da na biyun ya tsaya a kai yana motsa leɓe, ka cire shi daga diwani ka mayar da shi naskhi, ka sake bugawa ka kuma miƙa masa.